Daga "Ya Ruwa?" Zuwa Saiwar Masara: Yadda Malamin Gona Ke Gano Damuwar Manomi

Duk malamin gonan da ya taɓa tara manoma a ƙauye ya san abin da zai fara ji idan ya tambayi damuwarsu: taki. Na farko zai ce ya yi tsada, na biyu ya ce bai zo da wuri ba, na uku ya ce shi bana ko ganinsa bai yi ba. Dukansu gaskiya suka faɗa. Sai dai malamin da ya rubuta "taki" a littafinsa, ya tashi babur ya koma ofis, bai taɓa aikin da ya kawo shi ba. A cikin mutanen da suka ce taki akwai wanda ruwa ya kwanta masa a gona, akwai wanda tsutsa ta shiga masararsa, akwai wanda wuta-wuta ke shanye masa shuka ta ƙarƙashin ƙasa. Kowannensu ya ga ganye ya sauya launi, ya kira abin da sunan da ya fi kusa da bakinsa. Aikin malamin gona shi ne ya bi maganar farko har ya iso ga ainihin ciwon, kuma wannan aiki tun daga gaisuwa yake farawa.

Kafin a zauna

Ƙwararren malami ba ya faɗo wa gari kwatsam. Yakan aika wa mai unguwa ko dagaci tun kwana biyu ko uku, a sanar da sarkin noma da shugaban ƙungiyar manoma idan akwai. Yakan kuma zaɓi lokaci. Da damina safiya ta gona ce, wanda ya kira taro da hantsi tsofaffi da marasa aiki kaɗai zai samu. Ranar kasuwar garin, ko ta babbar kasuwar da ke kusa, ita ma asara ce. Bayan La'asar ya fi, ko bayan an sauko daga Juma'a, lokacin da yawancin mutane ke gida.

Idan ya iso, wajen mai gari yake fara zuwa ya kwashi gaisuwa, sannan a fito tare. Sau da yawa za a kawo masa kujera ko benci, jama'a kuwa suna kan tabarma. Wanda ya san aiki yakan yi godiya, ya cire takalmi ya zauna a tabarmar. Dalilin na aiki ne: mutumin da ke sama riƙe da biro da takarda ya yi kama da mai ɗaukar sunaye, kuma manomi ya san abubuwa biyu da ake ɗaukar suna dominsu, rabon kaya da karɓar bashi. Idan ya zaci rabo ne, zai ƙara girman gonarsa da girman asararsa. Idan ya zaci bashi ake bi, zai rage komai. Ta kowane ɓangare malami ya samu labarin da ba zai yi masa amfani ba.

Wannan zato yana da asali. Tun tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka buɗe ayyukan bunƙasa noma na farko a Funtuwa da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya, manoma suka saba ganin malamin gona tare da iri da taki mai rangwame. Daga baya jihohi suka kafa nasu hukumomin, irin su KNARDA a Kano, aka bi tsarin horo da ziyara: a koya wa malami saƙo guda, ya kai wa zaɓaɓɓun manoma duk bayan mako biyu. Tsarin ya yaɗa sabon iri da sabuwar tazarar shuka, amma ya horar da malamai su zama masu kai magana fiye da masu ɗauko ta. Har yau manomi kan zauna yana jiran a faɗa masa abin da aka zo da shi.

Abin da gaisuwa ke yi

Gaisuwar ba ta gajarta. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ya ruwa. Amsoshin ma sanannu ne: lafiya lau, ba gajiya, aiki da godiya, ruwa ya yi gyara. Mutumin da ambaliya ta ci rabin gonarsa jiya ma haka zai amsa, domin ba a kai ƙarar ruwan Allah a bakin gaisuwa. Sabon malami yakan yi ɗaya daga cikin kuskure biyu a nan: ko ya ɗauki "da godiya" a matsayin rahoton cewa babu matsala, ko ya ga gaisuwar ɓata lokaci ce ya tsallake ta. Tsohon hannu yana barin ta ta yi tsawonta, yana kallon wa ya amsa da ƙarfi, wa ya amsa yana duban ƙasa, wa ya ƙara da "sai dai haƙuri" a ƙarshen amsarsa. Wannan ɗan ƙarin shi ne bakin zaren da zai ja daga baya.

Idan an yi rasuwa ko haihuwa a garin tun zuwansa na baya, a nan ake ta'aziyya ko barka. Idan ya yi wa wani alkawarin tambayo masa wani abu, a nan zai kawo amsar tun kafin a tuna masa. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, da abin da bai zo da shi ba, a fili: "Ranka ya daɗe, iyayena da 'yan'uwana, yau ban zo da taki ba, ban zo da iri ba, ba kuma suna na zo ɗauka ba. Na zo in ji abin da ke damun gonakinku, wanda na sani mu yi maganarsa, wanda ban sani ba in tambayo." Wasu za su sulale su tafi. Waɗanda suka rage su ne masu magana.

Tambayar farko ma tana da siga. "Mene ne matsalolinku?" tana jawo jerin abubuwan da ake faɗa wa gwamnati: taki, hanya, tarakta, bashi. "Me kuka gani a gona makon nan da bai yi muku daɗi ba?" tana mayar da mutum gonarsa, ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Masarar da ta yi ɗorawa

Bari mu ɗauki misali irin wanda ake haɗuwa da shi a yankin masara, tsakanin Zariya da Funtuwa, wajen ƙarshen watan Yuli. Wani dattijo ya ce, "Malam, masarata ta yi ɗorawa, ta ƙi tashi. Taki take so, ni kuwa ba hali."

Malami ba zai musa ba, ba zai kuma gaskata ba tukuna. Zai ce, "Allah ya kawo sauƙi, Baba. Yaushe aka yi shukar?" Da wuya manomi ya faɗi kwanan wata, amma zai ce bayan ruwa na biyu, ko mako guda kafin wani biki da kowa ya sani. Da taimakon na kusa da shi za a gane masarar ta kai mako shida zuwa bakwai.

Sai tambaya ta biyu: wane ganye ne ya fara sauyawa, na ƙasa ko na sama? Wannan tambaya tana raba abubuwa da yawa. Idan masara ta rasa naitirojin, sinadarin da ya fi yawa a takin yuriya, tsofaffin ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya, daga tsinin ganye rawayar ta bi jijiyar tsakiya ta gangaro, saboda shukar tana kwashe abincin da ke cikinsu ta kai wa sababbi. Idan kuwa sababbin ganyen sama ne suka fito da siraran layuka masu tsinkewa a tsawon ganyen, kuma jefi-jefi ake ganin masu ciwon a cikin masu lafiya, wannan cutar zane ce da wasu ƙananan ƙwari masu tsalle ke yaɗawa, kuma ko buhu goma aka zuba ba za ta warke ba. Dattijo ya ce na ƙasa ne suka fara, amma har da wani dabbare-dabbare kamar an ƙona, kuma ganyen yana yaushi ko da an kwana ana ruwa.

Tambaya ta uku: duk gonar ce, ko wani wuri? Ya ce gefen gabas ne ya fi muni, yamma da sauƙi. Malami ya tambaya ko gabas ɗin kwari ne inda ruwa ke kwanciya, domin masarar da saiwarta ta daɗe cikin ruwa ita ma rawaya take yi. Dattijo ya ce a'a, tudu ne ma, jigawa.

Yanzu ne za a zo kan takin, kuma a nan ake bukatar dabara. "Ka sa taki kuwa?" tambaya ce da amsarta ɗaya ce a gaban jama'a. Abin da ake tambaya shi ne wane iri, buhu nawa ko tiya nawa, yaushe, kuma yaya aka sa shi. Ya ce buhu ɗaya na kamfa bayan noman fari, sai rabin buhun yuriya da aka watsa a gindi ba a rufe ba. Girman gonar fa? Manomi ba ya auna gona da hekta, amma ya san dami ko buhu nawa takan ba shi, ya san kwano nawa na iri take ci. Daga baya malami zai taka ta da ƙafa: taku ɗari a tsawo, hamsin a faɗi, wajen rabin hekta ke nan.

Lissafin ba shi da wuya. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kilo 50 ne, naitirojin ɗin cikinsa kilo bakwai da rabi. Yuriya kashi 46 cikin ɗari ce, rabin buhu ya ba da kilo sha ɗaya da rabi. Jimla kilo 19. Shawarar da aka saba bayarwa ga masara a wannan yanki ita ce wajen kilo 120 a hekta, wato 60 ga gonar dattijon, wanda ke nufin buhu huɗu na kamfa da kusan buhu ɗaya da rabi na yuriya. Bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma yuriyar da aka bari a sarari wani kaso nata ya bi iska, wani ya bi ruwa. Dattijo ya yi gaskiya ke nan: masararsa na jin yunwa.

Amma taki iri ɗaya aka sa gabas da yamma. Me ya sa gabas ta fi lalacewa? Malamin da ya tsaya a lissafin buhu zai rasa wannan. Sai ya tambayi tarihin gonar: me aka shuka bara a gabas, bara waccan fa? Dawa, masara, dawa. A yamma kuwa ɗansa ya yi waken suya bara. "Baba, lokacin da dawar bara ta yi kai, ka ga wani ciyayi mai fure ja-ja a gindinta?" Dattijo ya yi dariya: "Wuta-wuta? Ai wannan gefen gidanta ne. Amma bana ba ta fito ba tukuna."

Wannan ita ce maganar da malami yake nema, kuma dattijon bai ɓoye ta ba, bai dai ga alaƙarta da rawayar ganye ba tun da ciyawar ba ta ɓullo ba. Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, tana maƙale wa saiwar hatsi makonni kafin ta fito sarari, kuma babban ɓarnarta a ƙarƙashin ƙasa take yi. Tana shan ruwa da abincin shuka, ta hana ta tsawo, ta sa ganye yaushi alhali ƙasa a jiƙe take. Ta fi ƙarfi a gajiyayyar jigawa da aka daɗe ana maimaita dawa ko masara ko gero.

Ba a yanke hukunci a kan tabarma. Gani ya kori ji. Malami zai ce a je gonar, yau ko gobe da safe, tare da duk mai irin wannan damuwa. A can za a haƙo masara ɗaya da ta tsumbure, da ƙasarta, a karkaɗe a hankali. Idan wuta-wuta ce, za a ga fararen tsirrai ƙanana manne da saiwa. A haƙo wata daga yamma a ajiye su gefe da gefe, manoma su duba da kansu.

Shawarar da za ta biyo baya kashi biyu ce. Bana: idan akwai halin ɗan yuriya, a sa kafin masara ta fitar da tuta, a tona rami kaɗan nesa da gindi a rufe, wuta-wutar da ta fito a cire ta kafin ta yi fure, a fitar da ita daga gonar, domin tushe ɗaya na zubar da iri dubun-dubatai, irin kuma yana iya yin fiye da shekara goma a ƙasa yana jira. Baɗi: a sa waken suya ko gyaɗa a gefen gabas, domin suna sa irin wuta-wuta ya tsiro ya rasa inda zai kama ya mutu, a ƙara takin gida, idan za a koma masara a nemi iri mai jure mata, irin su SAMMAZ 15 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar. Malami na gaskiya zai kuma faɗa masa cewa shekara ɗaya ba ta kawar da ita, kuma amfanin bana ya riga ya ragu.

Abin da ba a faɗa a taro

A hanyar zuwa gona, su biyu ko uku, ake jin sauran labarin. A nan dattijo zai iya cewa buhu biyu ya saya amma ya raba ɗaya zuwa gonar dawa, ko ya sayar da shi lokacin da aka kwantar da jikarsa a asibiti. A nan zai iya cewa gonar ta aro ce, ko ta haya, kuma baɗi mai ita zai karɓe. Wannan kalma ɗaya ta sauya shawarar gaba ɗaya, domin ba wanda zai kwashe takin turkensa ya gyara ƙasar da ba shi zai ci moriyarta ba. Babu magidancin da zai faɗi irin wannan a gaban surukansa da 'ya'yan cikinsa, don haka malami ba ya tambayarsa a can.

Taron kansa yana da masu rinjaye. Manya ne ke fara magana, haka ya dace, amma damuwar mai shanun huɗa da gona hekta biyar daban take da ta mai fartanya da ke ƙwadago a gonar wani kafin ya je tasa. Malami yakan bar manya su gama, sannan ya juya da kansa ga na bayan tabarma: "Ɗan'uwa, kai ban ji ta bakinka ba, taka gonar fa?" Idan abubuwan da aka ambata sun yi yawa, wasu malamai kan zana su a ƙasa, a ba kowa tsakuwa ko ƙwayar masara biyar ya ɗora a kan abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya. Sau da yawa abin da ya fi tara tsakuwa ba shi ne wanda aka fi ɗaga murya a kansa ba.

Mata kuwa a garuruwa da yawa ba sa zuwa dandali, alhali su ke kiwon awaki da kaji, su ke sarrafa gyaɗa da shinkafa, su suka san lokacin da ƙwari suka fara huda wake a ajiya. Shi ya sa hukumomin noma na jihohi ke da sashen mata. Malama ce za ta yi sallama ta shiga gida, ta zauna tare da uwargida da amarya, ta ji abin da namiji ba zai taɓa ji a ƙofar gida ba.

Yadda ake gane an kauce hanya

Alamar farko ita ce kowa na cewa "haka ne, Malam." Idan aka yi rabin sa'a ba wanda ya musa wa malami ko ya gyara masa magana, wa'azi yake yi, ba tambaya ba. Ta biyu ita ce tambayar da ke ɗauke da amsarta, irin su "Ai kun bi tazarar da aka ce, ko?" Ta uku ita ce tambayar da ke da ƙamshin zargi. A ce wani saurayi ya yi ƙorafi cewa ya yi feshi sau uku tsutsar masara ba ta mutu ba, tsutsar nan da ta ɓulla a Nijeriya a 2016, mai shiga cikin ƙoƙon masara ta bar kashi kamar garin katako. Idan aka ce masa, "Me ya sa ba ka bi ƙa'ida ba?" zai yi shiru, ko ya ce maganin jabu ne. Idan aka ce, "Nuna mini yadda ka yi," zai kawo kwalbar da murfin da ya auna, ya faɗi cewa da tsakar rana ya fesa, a saman ganye, bayan tsutsar ta girma ta lulluɓe kanta a ciki. Daga nan gyaran a bayyane yake: a riƙa duba gona tun tsutsa na ƙarama, a fesa da sassafe ko da yamma, a saita bakin famfo cikin ƙoƙon, a auna yadda takardar kwalbar ta ce. Mai yiwuwa kuma maganin jabun ne da gaske, kuma ganin kwalbar ne kaɗai zai ba da damar bin sawunsa.

Kafin a tashi, malami yakan maimaita wa jama'a abin da ya ji, da kalmominsu, ya tambaya ko ya bar wani abu. Sannan ya kasa shi uku: abin da aka warware a nan, abin da sai an je gona, da abin da ya fi ƙarfinsa wanda zai kai gaba, ko ofishin shiyya ko wajen masu bincike a Samaru. Farashin taki yana cikin kashi na uku, kuma gara ya ce ba shi da iko a kansa da ya yi alkawarin da zai hana shi sake shiga garin da fuska. Abu na ƙarshe shi ne ranar dawowa, a faɗe ta a gaban mai gari. Malami ɗaya yakan riƙe ƙauyuka masu yawa, babur kuma na shan mai, don haka ya zaɓi ranar da ya tabbata zai iya cikawa. Idan ya cika ta, a zuwa na gaba ba sai ya sha wahalar tono magana ba: mutane za su tarbe shi da ganyen da ya lalace a hannu, da kwalbar magani, da tushen masara da ƙasarsa, kowa na jiran a duba nasa.